Takalmin Auta a Hannun Kwastan

A duk layin masu gyaran takalma babu wanda ke kiransa da wani suna sai Sai-gobe. Ka kai masa takalmi da safe, ya juya shi, ya leƙa cikinsa kamar likita na duba maƙogwaro, ya ce sai gobe. Ka dawo goben, ya dube ka da mamaki, kai ne ma za ka ji kunyar gaggawarka. Rumfarsa ba ta fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba: benci, guduma, basilla, gwangwanin gam da ya ƙi rufuwa tun yana saurayi, da tarin takalman da masu su suka gaji suka bar masa gado. Amma in ya gama aiki, to ya gamu. Mutum zai zage shi a hanya, ya biya shi a rumfa, ya kuma dawo da wani takalmin.

Mutum ɗaya ce ba a taɓa ce mata sai gobe ba, ita ce ƙanwarsa Auta. Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana rarrafe, ƙafar ta tsaya gajera, ta ɗan karkace ciki. Takalmin kanti ba ya yi mata. Saboda ita ya shiga wannan sana'a tun farko, ko da yake in ka tambaye shi zai ce makaranta ce ta kore shi. Ya sassaƙa itace daidai ƙafafunta biyu, yana ɗinka fata a kai, yana tara roba da soso a ƙarƙashin na hagun har ya kai tudun yatsu huɗu. Da wannan takalmi ta yi talla, da shi ta yi aure, da shi ta bi ɗiyarta guda da gudu a tsakar gida. In babu shi, daga gado zuwa ƙofa ma sai da dafa bango.

Da mijinta ya rasu, ɗiyar ta ɗauke ta zuwa wata ƙasa mai nisa inda surukin ke aiki. Takalmi bai yanke ba. Akwai wani maƙwabci mai fataucin kayan gyaran mota da ke zuwa can, shi ke cusa shi cikin jakarsa. To, maƙwabcin ya tsufa, gwiwa ta ce ta gaji da hawa jirgi. Ana cikin haka takalmin Auta ya buɗe baki ta gaba, tudun ya cinye ta gefe guda. Ta daina fita. Ɗiyar ta faɗa masa a waya cewa Mama ko ƙofar gida ba ta leƙawa, tana zaune a taga tana ƙirga motocin mutane.

Ya ture aikin kowa ya ɗinka sabo, baƙar fata mai laushi, da maɗauri biyu. Sannan ya shiga shirya shi. Ya samo kwalin da aka sayo talabijin a ciki, ya naɗe kowane wari da tsohon zanen matarsa, ya cika sauran wurin da soso da jaridu, ya bi da salatif har kwalin ya koma kamar mai karaya.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

“Malam, takalmi za ka aika ko Autar ce za a dawo mana da ita a ciki?”

“Ke ba ki san yadda suke jifa da kaya ba.”

“Kai ka sani? Yaushe ka taɓa wuce tasha?”

Duk da haka ta ja mayafi ta bi shi, wai kada a cuce shi. Gaskiyar magana, ba ta son a ba ta labari ne.

Ofishin aika kaya ɗaki ne mai sanyi, da doguwar kanta, da sikeli a gefe, da kujerun roba da aka jera a haɗe. Ma'aikaciyar da ke bayan kantar yarinya ce siririya mai tabarau. Ta ɗora kwalin a sikeli, ya nuna kilo biyu da ɗan ɗoriya. Sai-gobe ya juya ya dubi matarsa da fuskar wanda ya ci shari'a. Sai ya ga yarinyar ta zaro tef ɗin awo kamar tela.

“Ɗiyata, riga za ki ɗinka masa?”

“Baba, jirgi ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri. Kwalinka tsawo hamsin, faɗi arba'in, tsayi talatin. In na ninka su da juna na raba da dubu biyar, ya zama kilo goma sha biyu. Mukan duba nauyin sikeli da nauyin girma, wanda ya fi yawa shi ake biya. Kowane kilo dubu takwas. Dubu casa'in da shida ke nan.”

“Kilo goma sha biyu? Ga sikelinki nan ya ce biyu!”

“Sauran iska ce da jarida, Baba. Su ma za su hau jirgi.”

Matar ta saki dariya har mai gadi ya leƙo. “To, Malam, biya wa jaridarka kuɗin jirgi. Wataƙila a can ba su da labarin bara.”

Nan a ƙasa, gaban mutane, ya durƙusa ya farke salatif ɗin da ya ɓata safiya yana naɗawa. Aka sayar masa da ƙaramin kwali, tsawo talatin, faɗi ashirin da biyar, tsayi ashirin. Takalman suka shige, kai da ƙafa, ya samu ya cusa ɗan soso a tsakaninsu don ransa ya yi sanyi. Awo ya ba da kilo uku, kuɗi ya dawo dubu ashirin da huɗu. Matar ta ƙwace zanenta ta ninke, tana cewa ashe da yau zanenta ya riga ta zuwa ƙasar waje.

Sai aka zo cike takarda. Mene ne a ciki? Takalmin fata. Na sayarwa ko kyauta? Kyauta. Nawa ne darajarsa?

Nan tsoho ya tsaya. Shekara da shekaru yana wannan takalmi, bai taɓa yi masa kuɗi ba ko a zuciyarsa.

“Ba na sayarwa ba ne. Ba shi da farashi.”

“Dole a rubuta wani abu, Baba. In ya ɓace a hanya, abin da ka rubuta shi za a biya ka, muddin ka yi inshora. Kashi ɗaya ne cikin ɗari na darajar.”

A daidai lokacin wani saurayi mai sarƙa a wuya yana tsaye a gefensa, yana aika wayar hannu. Aka yi masa tambaya iri ɗaya, ya ce dubu ɗari uku, da ƙarfi, don kowa ya ji. Sai-gobe ya kalli wayar nan, 'yar aba kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Ya kalli kwalinsa. Wato abin da yaro zai yar a kwata cikin wata biyu ya fi ƙafar Auta?

“Rubuta dubu ɗari huɗu.”

Yarinyar ta ɗaga kai. “Baba, ka tabbata? Kwastan na can da wannan lambar za su yi lissafi, kuma mai karɓa ne zai...”

“Na ce ki rubuta. Ke kin san abin da ke cikin takalmin nan?”

Matar, wadda aka zo da ita don kada a cuce shi, a lokacin tana can tana ciniki da mai gadi ko zai sayi kwalin talabijin. Ya biya dubu ashirin da huɗu na jirgi da dubu huɗu na inshora, ya sa hannu, ya fito yana tafiya kamar wanda ya sayi ofishin. A ransa an gama. Ya biya, saura a kai.

Kwanaki suka shuɗe. Takalmi bai yi magana ba, Auta ma shiru. Da ya gaji da jira ya kira ta.

“Auta, saƙo ya iso?”

“Ya iso, Yaya. An gode, Allah ya saka da alheri.”

“Ya yi miki?”

“Ya yi cif. Kamar a ƙafata aka ɗinka shi. Ba inda yake matsa mini.”

Ya kashe wayar ya zauna a benci, guduma a cinya. Matar ta kawo masa ruwa ta same shi haka.

“To, ba ta ce ya iso ba? Me kuma ya sa ka yi fuskar mai zaman makoki?”

“Ta ce an gode.”

“Sai me?”

“Ke, tun muna yara, yaushe Auta ta taɓa sa sabon takalmina ba ta zage ni ba? Ya matse ɗan yatsa, ya yi nauyi kamar turmi, launinsa na tsofaffi ne, wai na tsufa idona ya mutu. Sai ta yi mako tana yi kafin fatar ta saki. Sabuwar fata dole ta ciji mutum. Wanda ya ce ba ta cije shi ba, bai sa ta ba.”

Matar ta ajiye masa ruwan. Sannan ta ce, “Kira ɗiyar.”

Ɗiyar ba ta san komai ba. Ta ce, “Kawu, wane takalmi? Mama ta ce min ba ka gama ba tukuna.” Ya ce ta ɗauki wayar uwarta ta duba. Ba a jima ba ta sake kira. Saƙonni ne jere daga kamfanin aika kaya: kaya na hannun kwastan, a biya kuɗin fito kafin a sake shi. In an maida kuɗin zuwa na gida, ya kusa dubu ɗari da talatin da bakwai. Kuɗin ajiya ya fara hawa, kuma in wa'adi ya cika ba a biya ba, za a mayar da kayan inda ya fito.

Ta bayan ɗiyar ya jiyo muryar Auta. “Wa ya ce ki taɓa min waya? Ba ni nan. Yaya, ka bar su su riƙe. Ni ba zan buɗe baki in tambayi mijin yarinyar nan kuɗin takalmi ba. Ina ci a gidansa, ina sha a gidansa, magani ma shi ne. Kai kuma na san aljihunka, ko ɓera ya shiga sai ya fito da hawaye. Ina zan je ma? Taga ta ishe ni.”

“Shi ya sa kika yi mini ƙarya?”

“Godiya na yi maka. Laifi ne?”

“Babban laifi.”

Washegari tun ba a gama share ofishin ba yana bakin ƙofa, matar na biye. Ya ajiye rasit a kanta da ƙarfi.

“Ɗiyata, na biya ku ko ban biya ku ba?”

Yarinyar ta duba kwamfuta ta sauke numfashi. “Ka biya kuɗin ɗauka, Baba. Wannan na gwamnatin can ne, ba namu ba. Na fara faɗa maka ranar, ka ce in rubuta.” Ta jawo takarda ta juya ta gabansa. “Ga yadda suka yi. Darajar da ka faɗa, dubu ɗari huɗu. Suka ɗora kuɗin jirgi da na inshora, ya zama ɗari huɗu da ashirin da takwas. Takalmin fata a can kashi ashirin cikin ɗari ne, dubu tamanin da biyar da ɗari shida ke nan. Sai suka haɗa duka, har da kuɗin fiton, suka cire harajin saye kashi goma a kai.”

“Haraji a kan haraji?”

“Haka ake yi.”

“Amma na ce kyauta ne.”

“Kyautar mutum zuwa ga ɗan'uwansa suna yafe ta in ba ta wuce kimanin dubu hamsin ba. Taka ta ninka haka sau takwas.”

Matar ta matso ta leƙa takardar, ko da yake ba da tabaraunta ta zo ba. “Tsaya. Dubu ɗari nawa? Malam, kai ka ce dubu ɗari huɗu? Takalmin da ka ɗinka kana zaune a kan gwangwanin fenti? To ni da na zauna da mai takalmin dubu ɗari huɗu, me ya sa rufin ɗakina ke yoyo?”

“Yaron nan ne da wayarsa...”

“Wane yaro? Au, gasa ka shiga da jikan wani, Auta ta biya?”

Ya cire hula ya share gumi, a ɗakin da sanyi ke sa mutum atishawa. Da ya sake magana, murya ta sauka. “To a rubuta dubu biyu. A ce tsohon takalmi ne.”

“A'a, Baba. Za su buɗe su gani. In suka ga an rage da gangan, su za su yi masa kuɗi da kansu, wataƙila har da tara. Abin da za mu iya shi ne mu nemi gyaran takarda, mu ce an yi kuskure, mu kawo shaida. Su ke da ikon karɓa ko ƙi, ban yi maka alkawari ba. Gaskiyar kuɗinsa nake so. Da baƙo ne ya zo da ƙafa irin tata, nawa za ka ce masa?”

“Auta ba baƙuwa ba ce.”

“Na sani. Amma kwastan bai san Auta ba.”

Nan ma dai matar ce ta yi rana. Ita ke ajiye rasit ɗin mai fata a cikin gwangwanin madara, ba don tsari ba, don ta riƙa yi masa gori. Fata, roba, soso, maɗauri, zare da gam, dubu ashirin da biyu. Saura ladan hannu. Ya tuna ya taɓa yi wa wani direba irinsa bayan hatsari, ya karɓi dubu goma sha takwas na aiki, har direban ya ce ya yi tsada.

“Dubu arba'in ke nan,” in ji yarinyar.

Ya daɗe yana kallon lambar. “Arba'in. Ko rabin rabin wayar yaron nan bai kai ba.”

“Ka sake ambaton yaron nan,” in ji matar, “in bar ka a nan su auna ka da tef su aika.”

Yarinyar ta danne dariya ta ci gaba da rubutu. Ta ce kuma “takalmin fata” kawai da aka rubuta bai taimaka ba, ya sa sun ɗauka na gayu ne mai tsada. Ta gyara: takalmin gyaran ƙafa, ɗinkin hannu, an yi shi don mace ɗaya mai gajeriyar ƙafa, kyauta daga yayanta. Ta ɗauki hoton rasit ɗin. Ta ce ya kawo hoton itacen da ya sassaƙa, ɗiyar kuma ta aika wa ofishinsu na can takardar asibitin uwarta. Ya sa hannu a wasiƙar da ke cewa shi ya yi kuskuren faɗin daraja. Dubu huɗun inshora kuwa sun tafi, ba a maidowa.

“Kuɗin ajiyar fa?” ya tambaya. “Kada a sake aika wa Auta lamba ko ɗaya.”

“Za ka iya biya daga nan, mu rubuta cewa mai aikawa ya ɗauki duk abin da ya taso.”

“Da ma ana haka? Me ya sa ba ki faɗa ba?”

Ta dube shi ta saman tabarau. Ya mayar da hularsa.

Jiran nan ya fi na farko tsawo a wurinsa. Ya riƙa buga ƙusa a inda ba a sa shi ba. Wani ya zo karɓar takalmi ya same shi an gama tun kafin lokaci, ya tsorata ya tambaya ko lafiya. Kullum da hantsi sai ya bi ta ofishin, har mai gadi ya daina tambayarsa abin da ya kawo shi, sai dai ya ja masa kujera.

Ranar da amsa ta zo, yarinyar ce ta ɗago hannu tun yana ƙofa. Kwastan sun buɗe kwalin, sun ga wari ɗaya da tudu wari ɗaya babu, sun duba takardu, sun karɓi dubu arba'in. Ya faɗa cikin kyautar da ake yafewa: babu kuɗin fito, babu harajin saye. Saura kuɗin ajiya da na gyaran takarda, dubu goma sha ɗaya. Ya zaro su daga aljihu uku daban-daban ya biya, ya zauna a kujerar roba. Matar ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita da rasit.

“Sannu, attajiri,” ta ce, amma a hankali ta faɗa.

Bayan kwana biyu yana rumfa, bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi, waya ta yi ƙara. Ɗiyar Auta ce, a firgice.

“Kawu, Mama ta kira ka?”

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. “Me ya faru? Ba a kawo ba?”

“An kawo tun jiya da yamma. Yau na dawo daga kai yara makaranta, ba ta gidan. Ba ta tafi da waya ba, ga wayar nan a kan gado. Na duba wajen maƙwabta, na duba kantin da ke ƙasan benenmu, mai kantin ya ce ta wuce tun ɗazu, har ta tsaya ta ce masa tumatirinsa ya yi tsada. Wani ya ce ya gan ta wajen tashar bas. Kawu, ba ta jin yaren garin nan sosai!”

“Takalmin na gida?”

“Kwalin ne kawai. Kawu, dariya kake yi?”

Dariya yake yi, har da riƙe ciki, har maƙwabcinsa mai gyaran jaka ya leƙo.

“Kawu, wallahi ba abin dariya ba ne. Ina zan neme ta?”

“Akwai kasuwa kusa da ku?”

“Akwai, amma da nisa, sai an haye gada.”

“To tafi can. Ki fara da layin masu atamfa. In kin ji ana rigima a kan farashi da hannu da ka, ki nufi wurin.”

Ya ajiye wayar ya goge idonsa da bayan hannu. Wata mata na tsaye tun ɗazu da takalmin makarantar ɗanta a leda, tana jira ya gama. Ya miƙa hannu ya karɓa, ya juya shi, ya leƙa ciki.

“Yaron nan da ƙafa yake tafiya ko da haƙori?” ya ce, ya jawo gwangwanin gam.